Ranar ganawarmu da Babban Sakatare ta faɗo daidai da ranar kotu, yaya zan nemi a ɗage?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Wata huɗu ke nan muna neman ganin Babban Sakataren wata ma'aikata a jiharmu kan gyaran ƙaramin asibitinmu, wanda rufinsa ya yaye tun daminar bara, har mun yi karo-karo sau biyu muka sayi kwano amma kuɗin bai isa ba, wasu kuma suka fara zargin shugabanni da cin kuɗin. Yanzu an ba mu ranar Talata 14 ga wata da ƙarfe 11 na safe. Sai ga shi jiya an kawo wa shugabanmu sammaci, zai ba da shaida a kotu a wani gari a wannan ranar da ƙarfe 9. Yau Alhamis 9 ga wata. Na rubuta wasiƙa mai shafi biyu ina neman a mayar da ganawar Laraba 15 ko Juma'a 17 da ƙarfe 12 na rana. Ina tsoron kada mu rasa damar gaba ɗaya. Ina neman shawararku.

Baba Magatakarda: Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi ritaya ne daga ofishin rajista, kuma irin wannan wasiƙa ta bi ta hannuna ba adadi, saboda haka ka saurare ni. Da farko ba ka gaya mana yadda aka ba ku ranar ba, ko a rubuce ne ko ta waya, kuma wannan shi ne zai nuna ƙofar da za ka bi. Idan takarda aka aiko, tana da lambar fayil a samanta, kuma dole wasiƙarka ta ɗauki wannan lambar, in ba haka ba za a ajiye ta a matsayin sabuwar buƙata ku koma bayan layi. Idan kuwa ta waya ne, to wanda ya kira ku shi ne mutuminku.

Ranakun da ka zaɓa kuwa, duka biyun ba su yi ba. Laraba rana ce da gwamnatoci da dama suka saba zaman majalisar zartarwa, kuma ko da Babban Sakatare ba zai shiga zaman ba, yakan kasance cikin shiri domin Kwamishina na iya neman takarda ko bayani a kowane lokaci. Juma'a da ƙarfe 12 kuma kowa ya fara haramar masallaci, ganawar da kuka jira wata huɗu za ta zama gaisuwa a tsaye ta minti biyar. Ban da haka, ka sa ranakun biyu cikin mako guda. Idan tafiya ta kama shi a makon nan, zaɓin naka duka sun faɗi tare, ka ga bai zama zaɓi biyu ba ke nan. Ka ba da Alhamis 16 da ƙarfe 10 na safe, sannan Talata 21 da ƙarfe 2 da rabi bayan Azahar: mako daban, lokaci daban.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Mataimakinsa na musamman ne ya kira shugabanmu ta waya, babu wata takarda. Laraba kuwa na zaɓe ta ne saboda ita ce ta fi kusa, don a ga cewa da gaske muke, ba mu yi sakaci ba. Alhamis ranar kasuwarmu ce, ma'ajinmu ba zai bar rumfarsa ba.

Hajiya Uwar Ƙungiya: Ni dai ban yarda da wannan tsari na yanka wa babban mutum lokaci ba. Ku ne kuke nema, ku ne kuka saɓa, sannan ku ne za ku ce masa ga ranar da za ku zo? Mai nema ba ya zaɓe. Ku tashi da ƙafarku gobe ku je ofishin, ku ba da haƙuri, ku ce duk ranar da ya ga dama kuna nan. Lokacin da ƙungiyarmu ta mata take neman ganin wani darakta, wata yarinya mai boko a cikinmu ta rubuta masa ranakun da muke da sukuni, wallahi tun daga nan ba a sake kiranmu ba, kuma har yau injinan ɗinkin da aka yi mana alkawari ba mu ga ko zare ba, shekara ta uku ke nan.

Baba Magatakarda: Hajiya, zuwa da ƙafa na yarda da shi, amma sauran maganar ba haka take ba. Babban Sakatare ba shi ne yake riƙe da littafin ganawarsa ba, mataimakinsa ne. Idan aka ce wa mataimakin "duk ranar da ya ga dama", an ɗora masa aikin nemo rana da sake kiran waya, kuma mutumin da mutane talatin suke jira a ƙofarsa ba zai tuna ba. Idan aka ba shi ranaku biyu, abin da zai yi kawai ya buɗe littafi ya ga wacce babu kowa. Ladabin yana cikin lafazi ne, ba cikin ɓoye ranaku ba. Ga yadda zan rubuta, sai a mayar da shi Turanci idan haka ofishin ya saba:

"Ranka ya daɗe, muna godiya da lokacin da aka ba ƙungiyarmu ranar Talata 14 ga wata da ƙarfe 11 na safe, kamar yadda ofishinka ya sanar da mu ta waya. Muna ba da haƙuri cewa kotu ta kira shugabanmu ba da shaida a wannan rana, ga kwafin sammacin a haɗe. Muna roƙon a duba yiwuwar mayar da ganawar ranar Alhamis 16 da ƙarfe 10 na safe, ko Talata 21 da ƙarfe 2 da rabi na rana, ko kuma duk wani lokaci da ya fi dacewa da ofishinka."

Iyakarta ke nan, sai sunan mutum ɗaya da lambar wayarsa a ƙasa. Wannan jimla ta ƙarshe ta biya buƙatar Hajiya. Shafi biyun da ka rubuta, ɗana, na tabbata tarihin kwano da karo-karo ne a ciki, ka ajiye shi sai ranar ganawa. Ka buga kwafi biyu, ka kai rajista gobe Juma'a da sassafe, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kwafin. Amma kada ka tsaya nan, domin takarda na iya kwana uku tsakanin rajista da teburin mai ita, Talata ta zo ana jiranku ba a san kun rubuta ba. Ka ɗauki kwafin mai hatimi ka hau wurin mataimakin ka nuna masa da kanka, kuma in zai yiwu ka gan shi kafin ma ka buga ranakun, ka tambaye shi waɗanda suke sarari.

Ɗan Autan Zaure: Malam, in dai saɓani ne ya shiga tsakaninku da Babban Sakataren, wasiƙa ba za ta gyara ba. Ku nemi hakiminku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani tukuna. Mu ma haka muka yi da shugaban ƙaramar hukumarmu bayan matasa sun yi masa ihu a wajen taro.

Mai tambaya: Ba faɗa muka yi ba, ɗan'uwa, ranaku ne suka haɗu.

Malamin Makaranta: Ni tambayata ita ce, me ya sa za a ɗage tun farko? Ƙungiya aka ba wa lokaci, ba mutum ɗaya ba. Ku tura mataimakin shugaba da kai da ma'aji, ku sanar da ofishin tun yanzu cewa shugaba yana kotu. Ranar da take hannu ta fi biyu da ake roƙo. Ko kuma a juya abin: lauyan da ya nemi a kira shi shaida zai iya roƙon kotu ta jinkirta sauraron shari'ar zuwa can da rana ko ta sa wata ranar, ana yin haka kullum. Shugaban ya gama da ma'aikata da ƙarfe 12 ya wuce kotu.

Baba Magatakarda: Malam, maganarka ta farko tana da nauyi, ta biyun ce nake jin tsoro. Roƙon lauya roƙo ne, alƙali na iya ƙi, kuma ba za a san amsa ba sai an zauna a ranar. Sannan wa ya ce maka ƙarfe 11 a ma'aikata ƙarfe 11 ne? Na sha ganin baƙin ƙarfe 11 an shigar da su bayan Azahar. Mutumin da sammaci ke kansa ba zai zauna a ɗakin jira yana kallon agogo ba. Tura wakilci kuwa ya danganta da abu guda: in darajar shugaban ce ta samo ranar, zuwa ba tare da shi ba zai sa a miƙa ku ga wani darakta, a rubuta cewa an gana da ku, fayil ya rufe. In kuwa ƙungiya aka sani, to ku tafi abinku. Mai tambaya ne kaɗai ya san wanne ne.

Mai tambaya: Gaskiya shugaban ne ya san wani a can, kuma mataimakin shugaban ba sa jituwa da ma'aji, ba zan iya haɗa su mota ɗaya ba. Akwai kuma abin da ban faɗa ba: tun jiya da daddare na tura wa mataimakin Babban Sakataren saƙon waya na ambaci Laraba da Juma'a, ya karanta amma bai amsa ba. Ina ganin in na canza ranakun yanzu za a ce ba mu da tsayayyiyar magana. Kuma bayanin asibitin da na sa a wasiƙar yana da amfani, domin wataƙila ya manta dalilin zuwanmu.

Hajiya Uwar Ƙungiya: Saƙon waya da daddare, ga mutumin da bai ba ka lambarsa da kansa ba? To ai ga abin da nake faɗa.

Baba Magatakarda: Shirun nasa ba ƙi ba ne, ba zai amsa abin da bai tambayi maigidansa ba. Amma yanzu ranaku huɗu za su taru a gabansa in ba ka yi hattara ba. Gobe ka ce masa a baki cewa wasiƙar ta maye gurbin saƙon jiya, kuma ka ƙara layi ɗaya a cikinta da ke faɗin haka. Ma'aji ya bar wa yaronsa rumfa na rabin yini, ko a tafi ba shi. Kuma kafin ka rubuta Talata 21, ka tambayi lauya ko akwai yiwuwar a sake kiran shugaban a makon, domin ɗagewa ta biyu ba za ka sami mai saurarenka ba.

Mai tambaya: Zan rage wasiƙar zuwa shafi ɗaya, amma Laraba dai ina ganin zan bar ta, in sa Talata 21 a madadin Juma'a. Zan tuntuɓi shugaba in ya dawo daga gona.

Malamin Makaranta: Har yanzu ban ji dalilin da zai hana kai kaɗai ka je ranar 14 ɗin ba.