Afendis: wa aka yi wa aiki, wa ya warke da allura? A ba mu labari

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce aka kwantar tun la'asar, ciwon ciki ta gefen dama daga ƙasa, ga tashin zuciya. An yi sikanin, an ce ba a ga afendis ɗin ba. Likita ya ce yana zarginsa amma bai tabbatar ba, ya hana ta ci da sha, ya sa ƙarin ruwa, wai za su sake duba ta cikin dare. Mijinta yana ganin jan ƙafa ne kawai. Ni kuma na ji an ce yanzu ana warkar da shi da allura ba sai an yanka ba. Don Allah wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mana yadda aka yi da shi.

Direban Tirela: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Nawa a cibiya ya fara, wani murɗa-murɗa da ba zan iya nuna wurinsa da yatsa ba. Mai kemis ya ce olsa ce. Kafin gari ya waye ciwon ya sauka dama ya tsaya wuri guda. Abinci kuwa ko ƙamshinsa ba na so, ni da ba na wasa da tuwo. Abin da ba na mantawa, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji kamar an caka mini wuƙa, tari ma sai na dafe wurin. Can sai ciwon ya lafa, na ce Alhamdulillahi. Ashe fashewa ya yi. Zuwa dare ciki ya ɗaure tamau, zazzaɓi ya rufe ni. Dogon yanka aka yi mini a tsakiya, aka bar roba tana fitar da ruwa, na yi sama da mako a kwance.

Baban Yara: Tsakuwar shinkafa ce da 'ya'yan gwaiba ke taruwa a wurin. Tun da aka yi wa ɗana aiki aka nuna mana ƙwallon a cikin kwalba, na hana gwaiba a gidana. Kuma ai aiki ne maganinsa, batun allura yaudara ce.

Malama Mai Alli: Mu da taifot aka fara mana. Yarinyata tana 'yar shekara 6, zazzaɓi, amai da zawo, gwajin jini ya nuna taifot da maleriya, aka ba mu magani muka koma gida. Na lura tana tafiya a duƙe, in ta kwanta sai ta naɗe ƙafar dama ba ta son miƙewa. Da muka koma wata likita ta ce ta ɗan yi tsalle, yarinya ta ƙi, ta fashe da kuka. A daren aka shiga da ita.

Nas ɗin Tiyata: Hajiya, a gaya wa mijin ya kwantar da hankali, abin da likitan ke yi hanya ce sananniya. Yadda Direba ya ba da labarinsa, daga cibiya zuwa dama cikin awa 12 zuwa 24, shi ne mai sauƙin ganewa, amma da yawa ba haka suke zuwa ba. Afendis ɗan siririn reshe ne a farkon babban hanji, kuma ba kowa ne nasa ke kwance wuri ɗaya ba. In ya ɓuya a bayan hanji sai a ji ciwon a kwiɓi ko baya, a ɗauka ƙoda ce. In ya rataya can ƙasan mara sai ya kawo zawo ko yawan fitsari. Mai tsohon ciki mahaifa kan tura shi sama. Tsofaffi kuma ciwonsu ba ya ihu, sai abu ya lalace.

Ga mace matashiya kamar ƙanwarki, a wannan gefen akwai ƙwan mace da bututun mahaifa. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko ƙullutu a ƙwan, ko ciwon sanyin mara, duk suna kwaikwayon afendis. Shi ya sa gwajin ciki ke gaba da komai. Ki tambaya ko an yi.

Sikanin kuma, "ba a gan shi ba" daban yake da "lafiyarsa ƙalau". Iskar hanji kan tare shi, haka ma ƙiba. To in hoto bai raba gardama ba, sai lokaci ya raba. A danna wurin yanzu, a sake dannawa bayan awa huɗu ko shida, a duba bugun zuciya da zafin jiki, a sake gwajin jini a ga ko fararen ƙwayoyin na hawa. Afendis na gaske yawanci gaba yake yi, ba kasafai yake tsayawa ba. Hana ta abinci kuwa shiri ne, don in an ce tiyata a shiga nan take.

Baba, ƙwallon da aka nuna maka yawanci bayan gida ne da ya daskare ya toshe bakin afendis ɗin. A sakar wa yara gwaibarsu.

Ɗan Kasuwar Jidda: Ni dai allurar kashe ƙwayoyin cuta aka yi mini a nan. Sun sa ni a na'urar siti sikan, suka ce ya kumbura amma bai fashe ba, ba ƙwallo a ciki, suka ba ni zaɓi. Lokacin ana tsakiyar kasuwar aikin Hajji, na zaɓi magani. Na kwana biyu ana ba ni ta jijiya, na ƙarasa da ƙwayoyi a gida, na warke sarai. Bayan wasu watanni ya dawo, aka cire ta ƙananan huji uku, washegari aka sallame ni. Abokin aikina da aka yi wa irin haka, nasa shiru har yau.

Alhaji Na Ƙofa: Nima ta dama aka yanka ni a matsematsi, kumburi ne mai fitowa in na ɗaga buhu ya koma in na kwanta. Aiki ne mai sauƙi, kada ku damu.

Nas ɗin Tiyata: Alhaji, naka ƙaba ce, ba afendis ba, Allah ya ƙara lafiya.

Labarin mutumin Jidda ya yi daidai da abin da bincike ya nuna. A wanda aka yi a Finland aka fitar a 2015, cikin waɗanda aka ba magani kusan kashi 27 cikin ɗari sai da aka yi musu aiki kafin shekara ta zagayo, a shekara biyar ya kai kashi 39. Na Amurka na 2020 ya nuna masu ƙwallon nan sun fi komawa tiyata: kashi 41 cikin kwana 90, marasa shi kashi 25. Wato magani yana aiki, amma da sharaɗi: hoto ya tabbatar bai fashe ba, kuma mutum yana kusa da asibitin da zai iya komawa ko da tsakar dare. A wurinmu siti sikan tsada gare shi, ba kowane gari ke da shi ba, majinyaci kuma sau da yawa sai ya sha maganin olsa da na taifot kafin ya iso. Shi ya sa likitocinmu suka fi karkata ga cirewa, ni ma a ganina sun yi daidai. Inda suke jinkirta wuƙa da gangan shi ne in an zo a makare, hanji da kitsen ciki sun naɗe wurin sun zama dunƙule. Yanka a lokacin na iya huda hanji, sai a ba da magani ta jijiya a sa ido.

Direban Tirela: Malam Nas, ni fa da za a ba ni zaɓi, a cire kawai. In ya tashi mini tsakanin Agadas da Arlit, wa zan kira?

Malama Mai Alli: Amma wanda ba shi da kuɗin aiki a hannu fa? Ba gara ya gwada allurar ba ko da ba a yi siti sikan ɗin ba? Maƙwabciyata haka aka yi mata, ga ta nan garau.

Nas ɗin Tiyata: Malama, wataƙila ta dace, wataƙila kuma tun farko ba afendis ba ne. Wannan magana ce tsakanin majinyaci da likitan da ya taɓa cikin da hannunsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayi filajil a kemis a zauna gida, ko a sha maganin wankin ciki. Hajiya, an yi gwajin cikin kuwa?