Me za mu kira "silof" da Hausa, da awo biyun da ake fitar da shi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina koya wa yara aikin rufin kwano, kuma kullum a wuri ɗaya nake maƙalewa. Silof ɗin rufi daga awo biyu yake fitowa: yadda rufin ya tashi sama, da nisan da ya ci a ƙasa. In na ce "tsawo", yaro ba ya sanin ko na sama nake nufi ko na katakon. Ina neman suna uku: na silof ɗin, da na awon nan biyu.

Wani magini: Wa alaikumus salam. Ai kwana ce. Sikwaya za ka ɗora ka gani ko ta zauna.

Mai tambaya: A'a maigida, sikwaya digiri 90 take dubawa, kwanar gini ke nan. Ni kwanciyar rufin nake magana.

Malamar lissafi: Ni "kusurwar gangara" nake cewa a aji. Awo biyun kuwa, ku bar "tsawo" gaba ɗaya, ku ce "tsaye" da "kwance". Tsaye shi ne daga saman bango zuwa ƙololuwar rufi. Kwance shi ne nisan da ke ƙarƙashinsa a miƙe, kamar an shimfiɗa tef a daɓe. Sai a raba tsaye da kwance, a ba kalkuleta ta mayar da shi digiri.

Ga ɗaki mai faɗin mita 8, rufi mai fuska biyu, ƙololuwa a tsakiya ta tashi mita 1.5. Kwancen fuska ɗaya rabin faɗin ne, mita 4. Raba 1.5 da 4, ka sami 0.375. Danna SHIFT sannan tan:

```
tan⁻¹(1.5 ÷ 4) = 20.56
```

Wato digiri 20 da rabi, da ɗan ɗoriya. In ka ga 0.359, kalkuletar na kan RAD, mayar da ita DEG.

Wani kafinta: Malama, "karkata" fa? Ta fi sauƙi a baki. Kuma ni katakon da ya kwanta a jikin rufin nake aunawa, shi ne a hannuna.

Malamar lissafi: Malam, a nan ne kalmar take da aiki. Wannan katakon ba a kwance yake ba, a jingine yake. A ɗakin nan tsawonsa mita 4.27 ne, in ka sa shi a gurbin 4 za ka sami wajen digiri 19.4. A rufi mai sauƙin gangara kuskuren kaɗan ne, shi ya sa ba a lura, amma yana girma yayin da rufin ke ƙara tashi sama. Wanda ya fi ɓarna shi ne a ɗauki faɗin ɗakin duka, mita 8: amsa ta faɗo 10.6, kusan rabi. Ga alamar da za ka riƙe: in tsaye da kwance sun zo daidai, digiri 45 ne cif. In tsaye bai kai kwance ba, dole amsa ta gaza 45.

"Karkata" kuwa ban so ta ba. In aka ce bango ya karkata, aibi ake faɗa. Gangarar rufi da gangan aka yi ta don ruwa ya sauka.

Wata 'yar uwa: Ni matsalata daban ce. Mahaifinmu a keken guragu yake. Ƙofarmu matakala uku ce, santimita 45 gaba ɗaya, aka zuba mana siminti mai kwancen mita 2. Wallahi sai mutum biyu ke tura shi. Kuma mu hawa muke yi, ta yaya za a kira shi gangara?

Malamar lissafi: Allah Ya ba Baba lafiya. Naku 45 ne a raba da 200, digiri 12.7, ya yi tsauri ƙwarai. Ƙa'idar da aka fi bi ga keken guragu ita ce tsaye 1, kwance 12, wajen digiri 4.8. Santimita 45 na buƙatar kwancen mita 5.4. In fili bai kai ba, a karya hanyar biyu da wurin hutawa a tsakiya.

Wani daga Maraɗi: Mu da kashi cikin ɗari muka koya. Na hajiya kashi 22.5 ne, ashe digiri 22.5 ke nan?

Malamar lissafi: A'a, kashin shi ne 0.225 ɗin kafin a danna tan⁻¹. Kashi 100 ma digiri 45 ne kawai. Don haka nake so a raba suna: "gangara" ga rabon, "kusurwar gangara" ga digirin.

Mai tambaya: Tsaye, kwance, jingine, na karɓe su, gobe zan gwada wa yara. Amma maganar hajiya ta tsaya min. Rufi ruwa ne ke sauka, gangara ta dace. Na ƙofa mutum ne ke hawa. Ko "mahaya" za mu ce?

Wani kafinta: Mahaya ai masu hawa doki ne. A sake nema.