Hoton waya na fitowa da hargitsattsen rubutu a fuska, ya zan yi?

Salamu alaikum. Ina da shagon waya a Wunti, nan Bauchi, ina haɗa hotunan talla da manhajar AI mai ƙirƙirar hoto. Jikin wayar na fitowa tsaf, amma fuskarta ce ke ɓata min aiki. Sunayen manhajojin da ke kai ba Turanci ba ne, ba Hausa ba, haruffa ne kawai a cakuɗe, agogon ma wani lokaci ya nuna 38:72. Kwastoma na gani zai ce jabu ce.

Na rubuta `no text on screen`, sai rubutun ya ƙaru, kamar ambaton kalmar ne ke jawo shi. Na koma `screen turned off`, rubutu ya tafi, amma gilashin ya zama madubi: farin haske ya ratsa shi a karkace, har da inuwar taga. A tablet abin ya fi muni saboda faɗin fuskar. Da na ƙara `matte, soft diffused light` ƙyallin ya ragu, sai dai wayar ta koma kamar ta roba, irin wadda ake ajiyewa a shago don nuni.

Abin da nake so shi ne fuska mai launi ɗaya, ko toka ko kore, gefunanta a fili, yadda zan ɗora hoton allo na gaskiya a kai da Canva daga baya.

Don Allah masu wannan sana'a, wace jimla kuke rubutawa da ke ba da fuska fayau ba rubutu ba ƙyalli, gilashin kuma ya ci gaba da kama da gilashi?