Maki 21 ya koma 12: wace wasiƙa za a rubuta wa malam?

Sadiƙ: Assalamu alaikum. An dawo mana da takardun gwajin akanta. Tambaya uku ce, kowace maki 10. Malam ya ba ni 9, 7 da 5, amma a saman takarda ya rubuta 12, kuma da 12 ɗin sakamako ya fito, na samu 53 a kwas ɗin gaba ɗaya, wato C. Na rubuta masa wasiƙa ina roƙon ya sake duba takardar daga farko ya sake ba ni maki. Wani abokina ya ce in na kai ta haka na cuci kaina. Ni kuwa gani nake haƙƙina ne. Me kuka gani?

Zainab: Wa alaikumus salam. Haƙƙinka ne mana. Amma ba malam za ka kai wa ba. Tunda sakamako ya riga ya fito, hannunsa ya fita. Ka rubuta wa rijistara, ka biya kuɗin sake dubawa, a ba wani malami daban. Haka dokar take.

Malam Bashir: Zainab, hanyar da kika faɗa tana nan, amma ba ta Sadiƙ ba ce. Na riƙe aikin jami'in jarrabawa na sashe shekara huɗu, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sake dubawa na nufin ba ka yarda da hukuncin malam a kan amsarka ba. Sai a ɗauki takardarka da tsarin ba da maki a miƙa wa wani, ya karanta daga layin farko. Abin da ya bayar shi ke zama, ko ya hau ko ya sauka. Sadiƙ kuwa ba shi da rigima da 9, ko 7, ko 5. Rigimarsa da jimla ce kawai. Wannan gyaran lissafi ne, ba a biyan ko sisi a kansa, kuma malamin da ya yi kuskuren shi ne zai fara sa hannu. Sadiƙ, cire maganar sake dubawa daga wasiƙar nan gaba ɗaya.

Sadiƙ: Malam, ai akwai dalili. Tambaya ta uku ma ina ganin an rage ni. Na ce in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Malam Bashir: Me aka tambaya, me ka rubuta?

Sadiƙ: Faɗuwar darajar inji. An saye shi naira 500,000, ana cire kashi 20 cikin ɗari daga abin da ya rage kowace shekara. Na sa 100,000 a shekarar farko, 100,000 a ta biyu.

Hauwa Akanta: To ƙanena, ba a rage ka ba. Shekara ta biyu daga 400,000 za ka cire, 80,000 ke nan. Kai ka bi hanyar cire adadi ɗaya kullum, alhali ba ita aka tambaya ba. Da a ce hanyar daidai ce ka yi tuntuɓe a ninkawa, da sai mu ce a ba ka makin hanya. Amma hanyar ce ka sauya. Makin nan 5 na shekarar farko ne da yadda ka tsara asusun, kuma wani mai dubawa zai iya ba ka 4.

Abin da ya ja hankalina shi ne tazarar. 21 a cire 12 saura 9. Mu a wurin aiki, in ɓangaren shiga da na fita suka ƙi daidaita kuma bambancin yana rabuwa da 9, abu na farko da muke nema shi ne lambar da aka juya, kamar a rubuta 54 a maimakon 45. Malam 21 ya samu, hannunsa ya rubuta 12. Ka faɗi haka a wasiƙar.

Auwal: Anti Hauwa, a duba dai. 7 da 5 ma 12 ne. Ƙila tambaya ta farko ce bai haɗa ba, kuma ƙila da gangan. Mu a ajinmu an taɓa cewa a amsa biyu cikin uku, wani ya amsa duka, malam ya soke ɗaya. Yaron ya yi ta kai ƙara, ashe shi ne bai karanta umarni ba.

Hauwa Akanta: Gaskiyarka, ban lura da wannan ba. Sadiƙ, duba saman takardar tambayoyin.

Sadiƙ: Ga ta a hannuna. An ce a amsa duka, jimla 30. Kuma babu layin soke a kan ta farko, 9 ɗin ma ya zagaye shi da jan biro kamar sauran. Sai dai ita a bayan shafin ƙarshe na amsa ta, don da ta biyu na fara.

Malam Bashir: To ka ga, ko wanne daga biyun na iya faruwa ga mutumin da ke da takarda ɗari uku a gabansa. Shi ya sa ba na son ka rubuta masa yadda aka yi kuskuren. Ba ka sani ba, kuma ba aikinka ba ne. Ka rubuta abin da ido ke gani. Sunanka, lambar rajista, lambar kwas, zango da shekarar karatu. Sannan layi uku: tambaya ta 1 maki 9, ta 2 maki 7, ta 3 maki 5, jimla 21, abin da aka rubuta 12. Sai roƙo ɗaya, a sake haɗa makin a gyara a takardar sakamako. Ka haɗa da fotokwafin kowane shafi, har da bayan. Asalin takardar ka riƙe ta, ka nuna in an nema, kuma kada ka ɗora mata biro ko da ɗigo ne, domin abin da za a fara dubawa shi ne ko an taɓa lambobin. Wasiƙar ka yi ta biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka tafi da ita.

Kabiru: Ni ban ga abin wahala ba. Ba keri-oba ka samu ba, ka ci. Ka sake rubuta kwas ɗin a kan me?

Zainab: Ba wanda ya ce zai sake rubutawa, Kabiru. 53 da 9 ya zama 62, daga C zuwa B. Kwas mai yunit 3 ne, maki 3 ke nan suka ƙaru. In yunit 18 ya ɗauka a zangon, GPA ɗinsa zai hau da kusan 0.17. Akwai wanda abin da bai kai haka ba ya raba shi da digiri mai daraja ta biyu ta sama. Amma Malam, ina nan a kan bakana game da abu ɗaya: in majalisar jami'a ta riga ta amince da sakamako, malami ba ya iya canza shi a ofishinsa.

Malam Bashir: Nan kam kin yi daidai. In sakamakon wucin gadi ne da aka liƙa a allon sashe, malam da jami'in jarrabawa sun isa su gyara kafin ya wuce. In ya riga ya bi ta kwamitin sashe, da na tsangaya, har majalisa, sai malam ya rubuta takardar gyara ta sake bin wannan layin, kuma yana iya cin zango guda. Ko a hakan daga wurinsa take tashi. Shi ya sa nake cewa a sa sunansa a wasiƙar, a biyo da ita ta hannun shugaban sashe.

Auwal: Ta hannun shugaban sashe? Malam, wannan ai kai ƙara ne. Ni da aka ɓatar min da makin gwaji a aji biyu, na bi ta sama, malamin ya ɗauka tona masa asiri na yi, har na gama ba ya amsa gaisuwata da kyau. Da Sadiƙ ya same shi shi kaɗai, ya gaishe shi, ya nuna masa takardar. Wasiƙa ta biyo baya in ya nema.

Hauwa Akanta: Ya je ya gaishe shi, na yarda. Amma da wasiƙar a hannu. Na ga wanda aka ce wa "kar ka damu, zan gyara", malamin ya tafi hutun shekara, babu takarda ko ɗaya da ke nuna an yi maganar.

Auwal: Ni dai na san abin da na gani.

Sadiƙ: Na cire tambaya ta uku, na sa lambobin kamar yadda Malam ya ce. Sakamakon na allo ne, an ce mako mai zuwa kwamitin tsangaya zai zauna. Gobe da safe zan je ofishin malamin kwas ɗin. Abin da ban yanke ba shi ne ko in fara biyawa ta wurin sakataren sashe a buga hatimin, ko in bari sai na ji ta bakinsa.