Magudanar banɗakina ta ƙi daina wari

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin famfo.

Mako biyu ke nan ramin da ruwan wanka ke bi a ƙasan banɗakina yana fitar da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, musamman da asuba. Na cire murfin, na zaƙulo gashi da daskararren sabulu da waya. Sannan na zuba rabin kofi na bakar hoda, wato irin sodar da ake sa wa kek, na bar ta minti 30, na bi ta da ruwan zafi buta ɗaya. Ban bari ya tafasa ba, don bututun na roba ne, ina tsoron ya yi laushi. Daga nan na tara ruwa har ya rufe bakin robar nan mai sanda da ake zuƙo toshiya da ita, na danna kusan sau 20.

Ruwa kam yanzu yana wucewa sosai. Amma warin kwana ɗaya kawai ya yi hutu, ya dawo.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, na san ya kamata ruwa ya riƙa zama a lanƙwasar bututun don ya tare iskar masai. Na haska da tocila da dare, akwai ruwa, da safe kuma ya kusa ƙafewa. Kuma duk lokacin da aka ja ruwan masai sai in ji ramin yana ƙugi.

Shin jan ruwan ne ke zuƙe shi saboda bututun iska ya toshe, ko lanƙwasar ce ta tsage? Yaya zan bambance kafin a fasa min tayil?