Memori ya ce sai an yi masa fomatin: wa ya taɓa ceto kayansa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimakon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Ƙanina ya ɗauki hotuna da bidiyon walimar saukar karatun 'yata da kyamararsa, memorin mai giga 32 ne. Jiya da daddare na sa shi a laftof don in kwashe, sai ga wannan: "You need to format the disk in drive E: before you can use it." Na danna Cancel na zare. Na mayar cikin kyamarar, ita ma ta ce katin yana da matsala. Babu inda muka ajiye kwafi, kuma har da kakar yarinyar a ciki, wadda ba ta cika fitowa ba saboda jiki. Akwai abin yi ko in haƙura?

Nura Caji: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ai bairos ne, kullum sai an kawo min irinsa shago. Kayanki suna nan, ɓoye su ya yi. Ki buɗe `cmd` ki rubuta:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Za ki ga komai ya dawo.

Malam Bashir: Nura, naka wani ciwon ne daban. Wancan bairos ɗin yana barin filashi ya buɗe, sai dai ka tarar foldoji sun koma gajerun hanyoyi marasa komai. Na Hajiya ko buɗewa ba ya yi, don haka umarnin ba shi da inda zai kama.

Hajiya, kin yi daidai da kika danna Cancel. Abin da saƙon yake nufi shi ne kwamfuta ta duba farkon katin, inda ake rubuta bayanin yadda aka tsara shi da inda kowane fayil yake zaune, ba ta gane abin da ta gani ba. Kamar littafin da aka yage masa shafin jerin babuka ne, sauran shafuka suna nan. Yawanci yana faruwa idan batirin kyamara ya mutu tana cikin rubutu, ko aka zare kati kafin ta gama. Daga yanzu kada a sake ɗaukar hoto da shi, kada a bar waya ko kyamara ta “gyara” shi, domin duk abin da aka rubuta a kansa zai iya hawa kan hotunanki.

Kafin komai, ki nemi wata ridar daban, wato abin da ake zura katin a ciki don kwamfuta ta karanta shi, ki gwada a wata kafar USB. Idan ƙaramin memori ne da ake zura shi a cikin gidansa, wato adafta, ki canja gidan. Sannan ki danna dama a kan Start, ki buɗe Disk Management, ki faɗo min abu biyu: girman da ya nuna, da abin da aka rubuta a ƙarƙashin File System.

Aunty Zee: Maganar rida gaskiya ce. Nawa haka ya yi min wata biyu da suka wuce, har na yi kuka. Ashe gidan memorin ne, haƙoran ciki sun lanƙwashe. Ɗan maƙwabta ya ara min nasa, nan take ya buɗe kamar ba abin da ya faru. Allah ya sa naki ma haka ne.

Maman Hanifa: Amin Aunty, na gode. Na ari sabuwar rida, saƙon bai canja ba. Malam Bashir, ya nuna 29.72 GB, kuma an rubuta RAW.

Malam Bashir: To alhamdu lillahi, wannan labari ne mai daɗi. RAW yana nufin Windows bai gane tsarin katin ba ne kawai. Kati mai giga 32 dama 29 da ɗoriya yake nunawa, wato injin cikinsa yana raye kuma yana bari a karanta shi. Da kin ga No Media, ko girman ya koma sifili ko wasu 'yan mega, da na ce babu manhajar da za ta yi miki amfani, sai masu kayan aiki na musamman da ke karanta ƙwaƙwalwar kai tsaye, shi ma da tsada kuma ba tabbas.

Matakin farko, ki ɗauki kwafin katin gaba ɗaya, ba fayil-fayil ba. Ki sauke Win32 Disk Imager, kyauta ne. A akwatin Image File ki zaɓi wuri a laftof ki ba shi suna, misali `kati.img`. A Device ki tabbatar E ne. Sai ki danna Read. Ki kula sosai, Write yana kusa da shi, kuma shi akasin haka yake yi, rubutawa yake a kan katin. Kina buƙatar sarari kamar giga 30 na kwafin, da wani kamar haka na abin da za a ceto. Da ridar USB ta gama-gari zai ci wajen rabin awa, don haka ki sa caji ya cika kafin a ɗauke wuta. Idan Windows ya sake jefo saƙon fomatin a tsakiya, Cancel dai.

Dalilin wannan wahalar shi ne kati mai ciwo yana iya ƙarasa mutuwa yayin da ake ta karanta shi. Idan kin samu kwafi sau ɗaya, sai ki ajiye katin a ambulan, duk gwajin da za a yi a kan kwafin za a yi.

Injiniya Dauda: Me ya kawo wannan dogon zagaye? Ni filashina ya yi haka, na buga `chkdsk E: /f`, minti biyu ya dawo da komai. Ki gwada Hajiya.

Malam Bashir: Injiniya, na yarda yana yin aiki wani lokaci, ni ma na gani. Amma gyaran da yake yi a kan katin kansa yake rubuta shi, kuma ba a komawa baya. Idan ya ci karo da abin da bai gane ba, sai ya yanka shi ya zuba a folda mai suna `FOUND.000`, da sunaye irin `FILE0000.CHK`. A kan kati RAW ma sau da yawa cewa zai yi "CHKDSK is not available for RAW drives" ya tsaya. In za a gwada shi, bayan an ɗauki kwafi.

Injiniya Dauda: Ni dai ya yi min, kuma ba kowa ke da giga 60 a zaune ba.

Sadiya Zinder: Ni abin da ya same ni, waya ce. Lokacin da na sa memori ta tambaye ni, na zaɓi ya zama ɓangaren ma'ajiyar wayar. Da gilashin ya fashe na ciro shi na sa a kwamfutar ofis, ta ce sai fomatin. Wani ya bi shi da manhajar ceto wuni guda, ko hoto ɗaya bai fito ba. Sai da aka canja gilashin, na mayar da shi cikin wayar, komai ya buɗe.

Malam Bashir: Sadiya, kin tsira ne don ba a wanke wayar ba. Tun daga Android 6 akwai wannan zaɓin, kuma idan aka bi shi wayar tana kulle katin da mabuɗin da ke cikinta ita kaɗai. Katin lafiyarsa ƙalau, Windows ne ba ya iya karanta shi. Da mai gyara ya mayar da wayar kamar sabuwa, mabuɗin ya tafi ke nan, kayan ma haka. Haka filashin da aka tsara a Mac ko Linux, ko wanda talabijin ya yi rikodin a kai, yana iya jawo saƙon nan. Shi ya sa ake fara tambayar na'urar da aka yi amfani da shi a ƙarshe.

Maman Hanifa: Malam, kwafin ya gama ba tare da ya nuna kuskure ba. Sai me?

Malam Bashir: Madalla. Ki sauke TestDisk daga shafin CGSecurity, shi ma kyauta ne, manhajar ceton fayiloli mai suna PhotoRec tana cikinsa. Ki warware foldar ki buɗe `qphotorec_win.exe`. A jerin sama akwai "Add a raw disk image", ki nuna masa `kati.img`. Ki shiga File Formats ki danna Reset, ki zaɓi jpg da mov kawai, mov ɗin ya haɗa da mp4. Ki ba shi sabuwar folda a laftof, ki danna Search. PhotoRec ba ruwansa da tsarin da ya lalace, bin kwafin yake daga farko har ƙarshe yana neman alamar da kowane hoto ke farawa da ita. Saboda haka sunaye ba za su dawo ba, za ki ga foldoji `recup_dir.1`, `recup_dir.2`, da fayiloli masu suna f da lambobi.

Baban Amir: Ku gafarce ni in shigo da nawa. Na sayi filashi mai giga 128 a hannun mai tallan kayan waya a tasha, da araha sosai. Na zuba takardun makaranta da karatuttukan tafsiri. Da farko lafiya, da kayan suka yi yawa sai sababbi suka daina buɗewa, yanzu kuma fomatin yake nema. Na bi da PhotoRec ɗin nan, na farko-farkon kawai ya fito da su, kamar giga 7.

Malam Bashir: Baban Amir, ina jin tsoron jabu aka sayar maka: ciki giga 8 ne, an sa shi yana ƙaryar 128. In haka ne, abin da ya wuce giga 8 bai taɓa zama a ciki ba, babu mai ciro shi. Bayan ka adana waɗanda suka fito, ka yi masa fomatin ka gwada da H2testw, zai cika shi ya karanta ya faɗa maka girman gaskiya.

Maman Hanifa: Jama'a alhamdu lillahi! Hotuna sun fito, har da na bikin wata ƙawar ƙanina na bara da ya goge tuntuni. Na ga Hajiya Kaka a zaune tana riƙe da allon. Allah ya saka da alheri Malam. Sai dai bidiyo huɗu ne, biyu suna yi, biyu kuma suna da nauyi amma ba sa buɗewa, kuma a cikinsu ne yarinyar take karatu.

Malam Bashir: Amin, na taya ki murna. Bidiyon kuwa, nan ne raunin PhotoRec. Katin da aka daɗe ana gogewa ana ɗauka, babban fayil ba ya samun wuri ɗaya, sai ya rarrabu, shi kuma yana ɗauka a jere yake. Abin da ya san inda gutsattsarin suke shi ne tsarin katin na asali. Kati mai giga 32 yawanci FAT32 ne, kuma yana ajiye kwafin sashen farkonsa. Ki yi wa `kati.img` wani kwafin, ki ja shi ki sake a kan `testdisk_win.exe`, ki bi Proceed, Intel, Advanced, Boot. Idan ya ce na farko Bad, na ajiya OK, ki zaɓi Backup BS ki amsa da Y, sannan List. In kin ga foldar DCIM da sunayen asali, `a` yana zaɓar duka, babban `C` yana kwashewa. Ba na yi miki alkawari, domin in teburin da ke riƙe da jerin gutsattsarin ne ya lalace, wannan ba zai isa ba.

Nura Caji: Malam, wanda ya riga ya danna Format fa? Yau aka kawo min ɗaya.

Malam Bashir: Ka tambaye shi a ina ya yi. In a Windows ne kuma akwai alama a Quick Format, tsarin kawai aka sabunta, ka ɗauki kwafi ka bi da PhotoRec. In ya cire alamar, tun daga Vista sifili ake rubutawa a ko'ina, babu saura. In a waya ko kyamara ne ya danganta, wasu suna ba katin umarnin share kansa gaba ɗaya. Ka gwada dai, in sifili ne za ka ga binciken ya ƙare babu fayil ko ɗaya.

Maman Hanifa: Sarari ya ƙare min a laftof, kwafi na biyun ba zai shiga ba. Ƙanina zai kawo hard disk ɗinsa ranar Asabar mu gwada na bidiyon. Katin yana cikin ambulan.