Fuska ko murya kaɗai: wace tasha za a buɗe daga Damagaram?

Zeinabu: Salamu alaikum. Ina son buɗe tasha a YouTube, abu biyu ke cikin raina: koyar da aiki da waya cikin Hausa, da kuma tarihin Damagaram. Waya ɗaya gare ni da tsohuwar kwamfuta. An ce mini wadda ba a nuna fuska ta fi sauƙi, murya kawai za ki ɗora bisa hotuna. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Malam Lawali: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, abu biyun da kika faɗa ba amsa ɗaya gare su ba. Tambayi kanki: lokacin da kike magana, me idon mai kallo zai kalla? A koyar da waya amsar a fili take, allon wayar zai kalla, fuskarki ma tare masa wuri za ta yi. A tarihi kuwa nan ne lissafin yake ɓaci.

Ɗauki bidiyo na minti 8 kan Sarki Amadu Kuran Daga: kisan Kyaftin Kazamaju na Faransa a 1898, yaƙin Tirmini a 1899, shigowar Faransawa gari. In kina karantawa a tsanake, kalma 120 zuwa 130 ce a minti, ke nan rubutu na wajen kalma 1000. Hoton da ba naki ba, in ya wuce daƙiƙa 6 bai canja ba ido ya gaji. Minti 8 daƙiƙa 480 ne, raba da 6, guntaye 80 kike nema. To je ki Pexels ko Pixabay, shafukan da ake sauke hotuna da guntayen bidiyo kyauta, ki nemi Zinder. Abin da zai fito shi ne raƙuma bisa rairayi, da mahaya dawaki na wata nahiya, da kasuwannin da ko tufafin mutanen ba namu ba ne. In kika ɗora waɗannan kina cewa "fadar Sarkin Damagaram", ɗan Birni zai gane tun daƙiƙar farko, kuma shi ne mai kallon da kike nema. Sannan kowane guntu na 1080p yakan kai mega 10 zuwa 30. Guntaye 80 za su iya haura jiga guda tun ba ki fara haɗawa ba.

In da fuska ne, ki zauna ki faɗi labarin, ki sa hoto 12 ko 15 a wuraren da suka dace, shi ke nan. Fuskar ita ke cike sauran.

Habu: Malam, ni a ganina wannan wahalar da kai ce. Masu tashar da ba fuska ai sauke bidiyon wasu suke yi, na TikTok ko guntun fim, su cire sautin su sa muryarsu, su rubuta a ƙasa cewa haƙƙi na mai shi ne. An gama.

Malam Lawali: Habu, wannan rubutun na ƙasa ba ya kare kowa. Abu biyu ne daban, mutane na haɗa su. Content ID na'ura ce ke gane sauti ko hoton wani a bidiyonka, sai kuɗin tallan ya tafi wurin mai shi ko a toshe bidiyon, amma tasha na nan. Ɗayan shi ne mai abin da kansa ya shigar da ƙara a cire bidiyon. Wannan gargaɗi ne a kan tashar, yakan kai kwana 90 kafin ya goge, uku suka taru kuwa ana iya rufe ta. Kuma ko ba wanda ya kai ƙara, ranar da ka nemi a fara biyanka ana duba tashar gaba ɗaya. In aka ga kayan wasu ne aka jera ba wani abin kirki da aka ƙara, sai a mayar da kai da dalilin `reused content`.

Sani: Abin da na sani ke nan, shi ya sa nake cewa tashar da ba fuska ba a biyanta. Tun Yulin 2025 aka hana.

Hajiya Rabi: A'a Sani, rabin zance ka ji. Abin da aka yi a Yulin 2025 shi ne an canja wa tsohuwar ƙa'idar maimaici suna zuwa `inauthentic content`. Tana magana ne kan bidiyoyin da ake zubowa kamar bulo daga ma'auni ɗaya, hotuna iri ɗaya, tsari ɗaya, suna kawai ake canjawa. Babu inda aka ce sai an ga fuska. Mai koyar da abu da muryarsa bisa allon da ya ɗauka da kansa ba ya ciki. Sharaɗin samun kason talla ɗaya ne ga kowa: mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1000 ɗin da kallo miliyan 10 na Shorts cikin kwana 90. Kuma ba kowace ƙasa ke cikin jerin da shirin ya buɗe wa ba, don haka Zeinabu, duba wannan a YouTube Studio kafin ki fara lissafin kuɗi.

Bari in koma kan ɗaukar allo, don nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kafin ki danna ɗauka, kunna `Ne pas déranger`. Saƙo ɗaya ya sauko daga sama da sunan mutum da lambarsa, ko lambar sirrin tura kuɗi, in ba ki lura ba ya tafi duniya. Ki buɗe wani asusu na gwaji da ba sunanki, kada jerin lambobin dangi ya fito. Wasu manhajojin kuɗi kuma ba sa yarda a ɗauki allonsu, bidiyon baƙi ƙirin zai fito. Ba wayarki ce ta lalace ba, haka aka gina su. Maganinsa a ɗora wayar bisa tabarma a ɗauke ta da wata waya daga sama.

Na biyu, allon waya a tsaye yake, bidiyon YouTube a kwance. In kika sa shi yadda yake, kashi ɗaya cikin uku na faɗin ma bai cika ba, mai kallo da ƙaramar waya ba zai iya karanta komai ba. A manhajar haɗa bidiyo ta CapCut sai kin jawo wurin da ake dannawa ya girma, kowane mataki da nasa jawowa. Kunna kuma alamar da ke nuna inda yatsa ya taɓa. Ba tare da ita ba shafuka ne kawai ke canjawa, ba a san me aka danna ba.

Isufu: Ni murya ce tawa matsalar. Na sayi ƙaramin makirfon na maƙalawa a wuyan riga, na sa a waya, sauti bai canja ba ko kaɗan. Jabu ne?

Malam Lawali: Dubi bakin da ake sokawa. In zobe baƙi biyu ne, na kamara ne, wayar ba ta ganinsa, da nata makirfon take ci gaba da ɗauka. Ita waya, baki mai zobe uku take so, ko ka nemi ɗan mahaɗi. Gwajinsa: kunna ɗauka, ka ƙwanƙwasa kan makirfon da farce, ka saurara. In ba ka ji ƙarar a kusa ba, bai shiga ba.

Tun da an taɓo murya, Zeinabu, a tashar da ba fuska murya ita ce komai, ba abin da zai rufe mata asiri. Ɗakin siminti da ba kaya amo yake yi kamar ana magana cikin randa, kuma amo da wuya yake fita da gyara. Ɗakin da akwai katifa da labule da kayan sawa a rataye ya fi. Makirfon ya kasance kamar ɗani ɗaya daga baki, ɗan gefe, don harafin "f" da "b" kada su buga iska. Fanka a kashe. Ki bar daƙiƙa 10 na shiru a farko, shi za ki ba Audacity, manhajar gyaran sauti, a `Noise Reduction` ya san irin ƙarar ɗakin. Kada ki wuce 12 dB, in kika matsa muryar sai ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kukan akuya da hon ɗin kabu-kabu kuwa ba sa fita ta nan, sai dai a maimaita jimlar.

Hajiya Rabi: Fanka a kashe cikin watan Afrilu, Malam, ai sai minti 10 a huta. Wannan ma wani dalili ne da ke sa na fi son murya kaɗai lokacin bazara. Murya ana ɗauka bayan isha'i, sakin layi ɗaya ɗaya, ko an ɗauke wuta ba ruwanki. Fuska kuwa haske take so. Sai ki fuskanci taga, ba ki ba ta baya ba, tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, daidai lokacin da gida ke cike da hayaniya. Rana ta ɗaga, wayar ta yi zafi, ta yanke ɗaukar da kanta. Ki cire mata riga, kada a ɗauka tana caji, kuma a tsaya a 1080p, ba ruwanki da 4K. Minti 10 a ma'aunin da YouTube ke ba da shawara, 8 Mbps, ya kai mega 600 wajen ɗorawa. Na allo yakan fi haka sauƙi nesa, don hoton ba ya motsi sosai.

Abu ɗaya da ba na so a ruɗe ki da shi: rashin fuska ba ɓuya ba ne. A Damagaram bidiyo uku sun isa a gane muryarki daga Zengo har Birni. In don kunya ne ko don gida, a yi maganar da mutanen gida tun yanzu.

Zeinabu: To Hajiya, na tarihin fa? In bar shi?

Hajiya Rabi: Kada ki bari, ki daina dogara da hotunan wasu dai. Fita da safe sau biyu ko uku, ki ɗauki bangayen Birni masu zane, duwatsun nan, lunguna, ƙofar fada in an ba ki izini. Kowane guntu daƙiƙa 10, waya a kwance, hannu bai motsi. Guntu 100 naki na kanki zai yi miki bidiyo da yawa, kuma ba mai kai ƙara a kansu. Mutum in zai fito a gane shi, a tambaye shi.

Malam Lawali: Nan muka rabu da Hajiya. Bango ba ya riƙe mutum minti 8. Tarihi magana ce ta yarda, mai kallo yana son ya ga wa ke faɗa masa an yi kaza a Tirmini. In ke ba za ki fito ba, zaunar da dattijon da ya san abin, shi ya fito, ke ki yi tambaya daga bayan waya.

Hajiya Rabi: Dattijo in ya fara, minti 40 ne, yankan ya fi neman guntaye 80 wahala.

Malam Lawali: Haka ne. To Zeinabu, yi labarin Kuran Daga iri biyu, minti 4 kowanne, ɗaya bisa hotunan Birni, ɗaya da dattijo. Bayan mako biyu ki buɗe jadawalin da ke nuna inda masu kallo ke fita, ki ga kashi nawa suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko, da inda layin ya faɗi. Sai dai in kallon bai kai ɗaruruwa ba, jadawalin ba zai gaya miki abin dogaro ba.

Isufu: Malam, na duba. Zobe biyu ne.